Amsar Baffa: inda ɗangonka ya yi ɗingishi

"Baffa, na rubuta waƙa ƙwar biyu, mai layi bibbiyu a kowane baiti, zan rera a walimar saukar ƙanena nan Bauchi. Inna ta ce a al'ada ba a rera waƙa cikin taro sai an kai wa babba ya auna ta. Yaya ake awon? Ga baitin farko: Ruwan damina ya zubo ko'ina / Manoma suna murna cikin gona."

Ɗana, Innarka ta faɗi gaskiya. Garin da ya haifi Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ba ya rasa masu kunne, kuma a zauren walima akwai dattijon da zai ji karaya tun kafin ka rufe baki. Shi ya sa muke kai waƙa gaban malami tukuna. Abin da malamina ya fara hana ni shi ne rerawa. Ya ce in karanta da muryar magana, domin mai rerawa yana jan gaɓa ko ya haɗiye ta, murya ta rufa wa ɗango, wato layin waƙa, asiri.

Awon kari, wato ma'aunin da waƙa ke tafiya a kai, a kan nauyin gaɓa yake. Baƙi da gajeren wasali, kamar "ru" a ruwa, gaɓa ce marar nauyi. Idan wasalin dogo ne, ko baƙi ya rufe gaɓar kamar "wan", ta zama mai nauyi. Boko ba ya nuna dogon wasali, don haka idonka ba zai taimake ka ba, sai kunne. Masu ajami sun fi mu sauƙi a nan, tunda alif da wawu da ya suna nuna ja.

To, ɗauki ɗangonka na farko ka yanka shi: ru-wan-daa, mi-naa-yaa, zu-boo-koo, 'i-naa. Kowane yanki, wato ƙafa, gaɓa marar nauyi ɗaya ce sai masu nauyi biyu, na ƙarshe kuma an gutsure masa gaɓa guda. Wannan shi ne fa'uulun sau uku da guntu, karin da malaman aruli, wato ilimin awon waƙa, ke kira Mutaƙarab. Na ji daɗinsa ƙwarai, ya zauna daram. Tunda da shi ka buɗe, ka ɗaure kanka: duk ɗangon da zai biyo baya da shi za a auna shi.

Na biyun fa? Ma-noo-maa, lafiya. Su-naa-mur, lafiya. Daga nan ƙafa ta uku tana neman gaɓa marar nauyi, sai ga "naa" ta murna ta faɗo da nauyinta. Nan ya karye, kuma bai sake miƙewa ba har ƙarshe. Na san abin da ya ruɗe ka. Ka ƙirga gaɓoɓi ka samu 11 a sama, 11 a ƙasa, ga "na" a ƙarshen kowanne, ka ɗauka an gama. Ƙirga ba ya kama irin wannan. Gwada haka: Manoma suna ambaton Rabbana. Su-naa-'am, ba-ton-rab, ba-naa. Buga ƙirjinka da tafin hannu kana faɗa, za ka ji ya hau kan na farko. In ba ka son kalmomina ka nemo naka, muddin ƙafa ta uku ta fara da marar nauyi.

Ba kowane bambanci ne karaya ba. A wannan karin an yarda gaɓar ƙarshe ta fa'uulun ta yi sauƙi, shi ake kira zihafi, kuma gaɓar ƙarshen ɗango ana lissafa ta mai nauyi ko da gajera ce. Amma ka kula da "ya". A "ya zubo" naka doguwa ce. In ka ce "da ya zubo" ta gajarce, alhali rubutunsu ɗaya. Ni kaina nan aka fi kama ni ina saurayi.

Amsa-amo ya fi sauƙin dubawa. Rufe waƙar da takarda, ka bar kalmomin ƙarshe na ɗango na biyu a kowane baiti, ka karanta su daga sama zuwa ƙasa. Ka zaɓi "na", to kowanne ya ƙare da "na", baƙin da wasalin tare. "Sama" ko "duniya" ba su amsa ba don kawai sun ƙare da "a". Kada kuma ka cika waƙar da "nawa ne na" da makamantansu don neman amsa-amo, ana ganewa. Ɗangon farko na sauran baitoci a ƙwar biyu ba dole ya amsa ba, amma karin dole ne.

Ka auna sauran da kanka, ka sa alama a duk inda ka yi tuntuɓe, ka kawo mini ranar Juma'a bayan la'asar mu bi su tare. Ka gaida Innarka.