Aman wuta kuma ya kawo sanyi? Amsar tambaya kan dutse mai aman wuta

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Na ji a rediyo wai dutse mai aman wuta idan ya fashe sosai yana sa duniya ta yi sanyi har shekara ɗaya ko biyu. To ni dai abun ya ɗaure min kai, wuta ce fa, ta yaya za ta haifi sanyi? Ko sunan ne muka sa ba daidai ba? Sannan wani ya ce min karin maganar da ta dace da abun ita ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, haka ne?"

Wa alaikumus salam malama. Sunan bai yi laifi ba, amma bai faɗi komai da komai ba. Aman wuta daga amai ne, idan aka liƙa masa -n ta mallaka sai i ɗin ta faɗi, kamar yadda rai ke zama ran, mai ya zama man, kai ya zama kan, to haka amai ya zama aman. Kuma wanda ya raɗa sunan abin da ido ke gani ya kalla, narkakken dutse ja-wur yana kwarara da toka ta turnuƙe sama. Sai dai kin ga abin da ke sanyaya duniya ba ya cikin waɗannan biyun. Narkakken dutsen nan iya yankin da ya malala yake ƙonawa, zafinsa duk ɗinsa ba komai ba ne in aka gwada da zafin da rana ke zubo wa duniya kullum. Toka kuwa nauyi gare ta, garin dutse ne, cikin 'yan kwanaki ko makonni ta gama saukowa.

Mai aikin wata iska ce da ke fitowa tare da su, iskar farar wuta, wadda masana ke rubutawa SO2. Farar wuta dai ita ce kibiritu, wannan abu mai ruwan ɗorawa da in an ƙona shi warinsa ke shaƙe mutum. Ita wannan iskar in fashewar ta yi ƙarfi har ta cilla ta can sama sosai, sai ta haɗu da ɗan tururin ruwan da ke wurin, a hankali cikin kamar wata guda zuwa 'yan watanni ta rikiɗe ta koma ɗigo-ɗigon asid, irin asid ɗin ruwan batir ɗin mota, ƙanana ƙwarai, kowanne kaurinsa kusan kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Su waɗannan ɗigo ne ke tare wani ɓangare na hasken rana su mayar da shi inda ya fito tun bai iso ƙasa ba.

Nan ne nake ganin masu fassara labarai ke yawan kuskure, sai ki ji an ce hayaƙi ya rufe duniya, ko toka ta rufe rana shekara biyu. Hayaƙi na abin da ya ƙone ne, baƙi ne ko toka-toka kuma yana shan haske. Ƙura kuma ƙasa ce da iska ta kwasa. Kalmar da ta fi kusa ita ce hazo, don hazo ba ya hana ki ganin rana, yana dai dusashe ta ne, sama ta yi fari-fari, zafin ranar ya ragu. To wannan ma hazo ne, sai dai na ɗigon asid, kuma ba a ƙasa-ƙasa yake ba inda muke shaƙa.

Tsayin da ya kai shi ne kan maganar gabaɗaya. Iskar da ke lulluɓe da duniya hawa-hawa ce. Hawan ƙasa shi ne inda gajimare da hadari da ruwan sama suke, duk abin da ya tsaya a nan ruwa zai wanke shi cikin sati ɗaya ko biyu, shi ya sa duwatsun da ke ta ɗan fitar da iskar farar wuta kullum ba sa canja yanayin duniya. Hawa na biyu ana ce masa sitiratosfiya, a yankin tsakiyar duniya yana farawa daga wajen kilomita 16 zuwa 18 sama, kusa da ƙuryar arewa da ta kudu kuma daga wajen kilomita 8 zuwa 10. Can babu ruwan sama, iskar a bushe take kuma ba ta cakuɗuwa sama da ƙasa sosai, saboda haka abin da ya shiga sai ya samu wurin zama.

Bari mu ɗauki Pinatubo, don shi ne wanda aka fi aunawa da kyau. Dutse ne a tsibirin Luzon na ƙasar Filifin, ya yi babbar fashewarsa ranar 15 ga Yuni 1991. Turnuƙun ya kai wajen kilomita 35 sama, wato ya wuce iyakar hawan ƙasa nesa ba kusa ba, ya zuba iskar farar wuta tan miliyan 15 zuwa 20 a sitiratosfiya. Tauraron ɗan adam na kallo, cikin kamar sati uku hazon ya zagaye duniya ta yankin tsakiya, daga nan cikin watanni ya bazu arewa da kudu. Kuma wannan bazuwar tana da dalili, Pinatubo na kusa da tsakiyar duniya ne, iskar can sama kuwa daga tsakiya take tashi ta nufi ƙuryoyi biyu, to sai ta raba hazon ko'ina. Da a can arewa mai nisa yake kamar Alaska ko Aisland, da yawancin hazon a rabin duniya ɗaya zai tsaya kuma ya fi saurin saukowa.

Sakamakon? A 1992 matsakaicin zafin duniya ya sauka da kusan rabin digiri a ma'aunin Salshiyos. Na san za ki ce rabin digiri kawai, duk wannan surutun? Ai matsakaici ne na duniya duka, teku da tudu, dare da rana, shekara cur, kafin wannan lambar ta motsa da rabin digiri ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ba ya nufin kowane gari ya ji sanyi daidai wa daida, wasu wuraren sun fi haka, wasu ma kamar arewacin Turai da Saiberiya lokacin hunturunsu na bayan fashewar ya zo da ɗumi fiye da yadda aka saba saboda hazon ya canja tafiyar iska. Abin da ya fi burge ni shi ne masanin yanayi James Hansen da abokan aikinsa a NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, sun yi lissafi sun fitar da hasashen wannan sanyin a farkon 1992 tun kafin a gama ganinsa, kuma ya zo kusan yadda suka ce. Akwai ma wata shaida da ke nuna hazon ne ba wani abu ba, a daidai lokacin da ƙasa ke yin sanyi ita sitiratosfiya ɗumi ta ƙara, wajen digiri ɗaya, don ɗigon suna shan wani zafin su riƙe a can. Sama ta ɗumama ƙasa ta huce, wannan alamar aikin dutse ce.

Yanzu karin maganarki. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, asalinta ana yinta ne kan abin da ya daɗe yana tafiya amma dole ya zo ƙarshe, musamman mai ɓarna da yake ganin ya tsira, ko tafiyar da ta yi tsawo. Wanda ya kawo miki ita ya yi daidai ta gefe ɗaya, don ita ce amsar me ya sa shekara ɗaya ko biyu kawai. Ɗigon nan komai ƙanƙantarsu suna da nauyi, suna haɗuwa da juna su ƙara girma su nitso, iskar sama kuma tana tura su zuwa ƙuryoyin duniya inda suke gangarowa hawan ƙasa ruwa da ƙanƙara su wanke su. A ƙiyasi bayan shekara guda abin da ya rage wajen kashi ɗaya cikin uku ne, bayan shekara biyu wajen kashi ɗaya cikin bakwai, a ta uku kusan babu. Inda karin maganar ta gaza shi ne jifa lokaci ɗaya yake faɗowa, tim, shi kuwa wannan a hankali yake zuba, kuma sanyin ma ba ya bin sa ƙafa da ƙafa. Teku ba ta saurin hucewa kuma ba ta saurin ɗumama, shi ya sa sanyin Pinatubo bai kai tsananinsa ba sai da aka shiga 1992, kuma sai wajen 1994 zuwa 1995 zafin ya koma inda yake.

Ni da za a bar ni in zaɓa, wadda zan ƙara ita ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Ana faɗinta ga mai yawan hayaniya da kurari, a ce masa ba ƙarar ake so ba, sakamako ake jira. Dubi dutsen Sant Helens a Amurka, 18 ga Mayu 1980, fashewar da duniya ta sha gani a hotuna, gefen dutsen gabaɗaya ya zaftare, amma iskar farar wutar da ya fitar wajen tan miliyan ɗaya ce kawai kuma ƙarfin fashewar farko ta gefe ya tafi, ba a ga wani sanyin a zo a gani ba. Bayan shekara biyu El Cicon na Meziko ya fashe a 1982, bai yi suna kamar wancan ba amma ya tura wajen tan miliyan 7 can sama. Shi ma fa nasa sanyin ya yi wuyar gani, don ya faɗo daidai da El Nino mai ƙarfi na 1982 zuwa 1983, wato ɗumamar ruwan tekun Fasifik da ke ɗaga zafin duniya, sai ɗaya ya rufe ɗaya, sai da masana suka cire tasirin tekun a lissafi sannan na dutsen ya fito.

Mafi muni a tarihin kusa shi ne Tambora na tsibirin Sumbawa a Indonesiya, Afrilu 1815. Shekarar da ta biyo, 1816, a Turai da arewa maso gabashin Amurka lokacin zafinsu bai zo yadda ya saba ba, har dusar ƙanƙara ta sauka a watan Yuni a wasu jihohin Amurka, amfanin gona ya lalace aka shiga yunwa da tsadar abinci a Turai. Don haka kar ki ɗauka sanyin nan wani alheri ne, yana zuwa da raguwar ruwan sama ma, don idan hasken rana ya ragu tururin da ke tashi daga teku ma raguwa yake, an ga haka a 1992.

In kin sake jin labarin wani dutse ya fashe, kar ki tsaya kan ƙarar ko tsayin turnuƙun kaɗai, ki nemi jin tan nawa na iskar farar wuta ya shiga sitiratosfiya da kuma inda dutsen yake. Hunga Tonga da ya fashe a ƙarƙashin teku ranar 15 ga Janairu 2022 turnuƙunsa ya haura kilomita 50, ya fi na Pinatubo tsayi sosai, amma iskar farar wutarsa ba ta kai tan miliyan ɗaya ba, yawancin abin da ya cilla sama tururin ruwa ne wajen tan miliyan 146, shi ya sa ba a ga sanyi irin na 1992 a bayansa ba.