Wane salon rubutu ne yake fito da ƙ, ɗ, ɓ a ko'ina?

"Oga, jiya na canza wa wani kwastoma salon rubutun wayarsa, yau ya dawo wai ƙ da ɗ sun zama akwati a wani wajen. Wanne zan riƙa sa wa mutane wanda zai fito daidai a kowace manhaja?"

To yaro, fara cire wannan "kowace manhaja" ɗin daga ranka, babu shi. Salon da kake canzawa a saitin waya, misali a Samsung in ka shiga Display sannan Font size and style, yana aiki ne kawai a kan manhajojin da suke aron rubutu daga wayar. Wasu da nasu suke zuwa a ciki, musamman na gyaran bidiyo da na haɗa fosta, kai har fayil ɗin PDF ma yawanci da nasa yake tafe, to waɗannan ko sau goma ka canza saiti ba ruwansu da kai. Kuma salo ba ya bin saƙo, wayar wanda aka tura wa ita za ta zana harafin da abin da take da shi.

Abin da nake yi kafin in miƙa wa kowa waya shi ne gwaji, kuma layi ɗaya ne tak, yana nan a ajiye a wayata:

```
ɓ ɗ ƙ ƴ Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ
```

Takwas ne, kar ka rage ko ɗaya don ba a gida ɗaya suke zaune ba a tsarin Unicode, wato tsarin da yake ba kowane harafi lambarsa. Ƙananan ɓ da ɗ suna rukunin IPA Extensions, lambarsu U+0253 da U+0257, sauran shidan kuma suna Latin Extended-B. Shi ya sa za ka ga salo yana da ƙ lafiya lau amma ɗ babu, mai zanen ya cika wani rukuni ya tsallake wani. Ita ƴ mutanen Nijar ne suka fi rubuta ta, a Najeriya 'y ake sawa, amma ka gwada ta ai ba ka san wa zai turo masa saƙo ba.

Ka manna layin a wurin rubuta saƙo, da sunan lamba a jerin sunaye, da burauza, sannan a WhatsApp ka sa shi tsakanin taurari biyu ka ga mai kaurin, don wani salon siririn ne kawai yake da haruffan. Sai ka zuba ido sosai. In akwati ka gani, salon ba shi da harafin kuma ba a samu wanda zai cike gurbin ba. In harafin ya fito amma ya bambanta da 'yan'uwansa, ya fi siranta ko ya miƙe tsaye sauran suna kwance, to aro wayar ta yi daga wani salon, ana iya karantawa amma muni gare shi, kuma wannan ne ya fi yawa a wayoyin yanzu. In kuwa ka ga ƙ ta koma Æ™ ko ɗ ta koma É— to ka ƙyale salo, ba laifinsa ba ne, rubutun UTF-8 ne aka buɗe da wani tsarin daban, a can inda fayil ɗin ya fito za a gyara.

Akwai wata hajiya da ta taɓa kawo min waya, tana rubuta "ɗinki" a kan bidiyonta sai ɗ ta ɓace ɓat, saura "inki". Na manna layin a saƙo, duk takwas suka fito, ka ga wayar ta fita daga zargi kenan. Na shiga manhajar bidiyon na riƙa bin salonta ɗaya bayan ɗaya, masu ado da lanƙwasa duk suka faɗi, wani mara kwalliya can ƙasa ne ya fito da su duka. Saitin waya ko taɓa shi ban yi ba.

Game da zaɓi, a Android ni Default nake bari, ko Roboto, ko Noto Sans in wayar ko manhajar ta yarda a saka, shi Noto ɗin Google sun yi shi ne musamman don a daina ganin akwatin nan. Salon Andika da Charis na ƙungiyar SIL mai aikin harsuna ma suna da haruffan namu cif. A iPhone kuwa ba a canza salon wayar gaba ɗaya, sai dai a cikin manhajar da ta ba da dama.

Sannan waɗannan kibod ɗin masu "ƙawata" rubutu ka raba kwastoma da su, ba salo ba ne sam, alamomin lissafi ne masu kama da haruffa kuma babu masu ƙugiya a cikinsu. Maza ɗauko wayar mutumin nan ka mayar da ita Default, ka manna layin a daidai inda ya ga akwatin mu gani.