Na gaji diyapo 22 ba bayani: me zan rubuta a ƙasan kowace?

Tambaya: Abokin aikinmu da ya shirya PowerPoint na rahoton bankunan cimaka ya bar aiki, lambarsa ma ba ta shiga. Shugabanmu ya ce ni zan gabatar gaban masu ba da tallafi nan Maradi, minti 20, diyapo 22, galibi zane ne da lambobi. Yaya zan rubuta bayanin da zan faɗa a kan kowace?

Amsa: Malama, kada ki soma da rubutu. Ki fara tono abin da mutumin ya bari cikin fayil ɗin, domin yawanci ya fi abin da ake gani a allo. Ki adana kwafi da wani suna, ki yi aiki a kansa. Ki buɗe Affichage, ki zaɓi Trieuse de diapositives: duk diyapon da aka ja layi a kan lambarta ɓoyayyiya ce, kuma sau da yawa a irin waɗannan ake ajiye teburin da ke amsa tambayoyin masu tallafi. Ki kuma danna Notes a ƙasan allo, ko ya bar ƴan kalmomi.

Daga nan sai ki rubuta wa kowace diyapo abu uku kawai a cikin Notes ɗinta: jimla ɗaya da ke faɗin abin da take son a gane, inda lambobinta suka fito, da jimlar da za ta kai ki ga ta gaba. Kalma 40 zuwa 60 sun isa. Kina da ƙasa da minti ɗaya a kan kowace, kuma in bayanin ya yi tsawo za ki koma karatu, kanki a sunkuye.

Mu ɗauki misali. A ce diyapo ta 9 zane ne mai sanduna huɗu, Dakoro, Tasawa, Mayahi da Gidan Rumji, kuma sandar Dakoro ta fi gajarta, an sa mata 62. To 62 na me? Tan ne, ko buhu, ko kashi cikin ɗari? Ki danna zanen da maɓallin dama, ki zaɓi Modifier les données. In teburin yana cikin fayil ɗin, zai buɗe, kuma kan ginshiƙin yakan faɗi ma'aunin. In kuwa ya ce ba a sami fayil ɗin da aka haɗa ba, to teburin ya tafi da kwamfutar mai shi, sai ki nemi lambar a rahoton shekara ko wurin mai kula da ƙididdiga. A ce kin gano kashi ne na hatsin rance da aka biya. Bayaninki zai zama: "A Dakoro an maido kashi 62 cikin ɗari na hatsin da aka ranta, shi ne mafi ƙanƙanta cikin huɗun. Tushe: rahoton shekara, shafi na 14. Yanzu mu ga abin da kwamitocin ƙauyuka suka yi a kai."

Ki lura ban rubuta dalilin da ya sa Dakoro ta zo baya ba. Nan ne masu gadon diyapo suke faɗawa rami: sai mutum ya ce ai ƙarancin ruwa ne, don ya yi kama da gaskiya, alhali a zauren akwai wanda ya je wurin ya san matsalar kwamiti ce. Dalilin da ba ki gani a takarda ba, kada ya shiga bayaninki. Lambar da kika rasa tushenta kuwa, a ganina gara a ɓoye diyapon da Masquer la diapositive, da sanin shugabanki.

In da Hausa za ki yi magana, ki rubuta kuɗi yadda baki zai faɗe shi. Allo na nuna 250 000 F, bayaninki ya ce jika ɗari biyu da hamsin, don kada ki tsaya lissafi gaban jama'a. Haka gajerun sunayen Faransanci, ki rubuta cikakkiyar ma'anarsu.

Ki duba Volet Animation. In sandunan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ki sa alamar [danna] a daidai wurin cikin bayanin, in ba haka ba za ki yi maganar Dakoro allo yana nuna Tasawa.

Ki gwada da Alt+F5, wanda ke buɗe Mode Présentateur, wato allon mai gabatarwa da ke nuna diyapo tare da bayaninki, ko da allo ɗaya gare ki, kina kallon agogonsa. Ranar taro, bayan an haɗa majigi, ki danna Windows+P ki tabbatar yana kan Étendre, domin bayaninki ya tsaya a kwamfutarki kaɗai. Ki kuma buga Pages de notes a takarda saboda ɗaukewar wuta. In masu tallafi sun nemi fayil ɗin, ki tura musu PDF na diyapo zalla, domin bayanin yana tafiya tare da fayil ɗin PowerPoint.