Malmala biyu da miyar yakuwa: kalori nawa ke cikin farantin?

«Salamu alaikum 'yan'uwa. Daga Garwa nake, likita ya ce in rage ƙiba. Ga hoton abincin ranata na yau: tuwon masara malmala biyu, miyar yakuwa da gyaɗa, nama yanka uku, da gorar folere, wato zoɓo, ta rabin lita. Don Allah wanda ya sani ya duba mini, kalori nawa ne, kuma ya yi daidai?»

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. A ƙiyasina farantin nan da gorar sun kai kalori 1,600, kuma gaskiyar lamarin tana iya faɗowa ko'ina tsakanin 1,400 da 1,800. Wannan tazara ita ce iyakar abin da hoto yake iya bayarwa. Duk wanda ya kalli hoto ya ce miki 1,537 ne cif, hasashe ya yi ya sa masa riga. Mace mai matsakaicin jiki da ba ta aikin ƙarfi tana bukatar wajen 2,000 a yini guda, kin ga ke nan abincin rana kaɗai ya kwashe kusan kashi huɗu cikin biyar. Bari in bi miki lissafin ɗaya bayan ɗaya, don gobe ki iya yi da kanki.

Mu fara da tuwon, shi ne ido ke gani sosai. An yi sa'a akwai cokalin cin abinci a gefen farantin, da shi na gwada girman malmalar. Kowace ɗaya ta kai kamar santimita 11 a tsawo, 9 a faɗi, tudunta kuma na ɗauka 6. Ga dabarar: ki ninka ukun, sannan ki raba biyu. 11 sau 9 sau 6 ya ba da 594, rabinsa kusan 300, wato malmala ɗaya giram 300 ke nan, tunda nauyin tuwo bai yi nisa da na ruwa ba. Garin masara busasshe yana da kalori kusan 360 a giram 100, kuma idan aka tuƙa shi ya sha ruwa, nauyinsa yakan ninka kamar sau uku. Saboda haka giram 100 na tuwo ya kama wajen 120. Malmala ɗaya 360, biyu 720.

A nan akwai inda hoto ke ruɗin mutum. Kin ɗauki naki daga sama, to daga sama ba a ganin tudu, shi ya sa wancan 6 ɗin zato ne. In tudun 4 ne, malmalar ta koma giram 200, in kuma 8 ne ta kai 400. Ƙari kaɗan a faɗi ma ba ƙaramin abu ba ne: dunƙulen da faɗinsa ya kai santimita 10 ya kusa ninka na santimita 8 a nauyi, alhali a hoto da ƙyar za ki ga bambancinsu. Taurin tuƙi shi ma yana da nasa. Tuwo mai tauri, irin wanda ake yankawa ya tsaya ƙyam, ya fi mai laushi gari, yana iya haura 140 a giram 100. Nan gaba ki riƙa ɗaukar hoto biyu, ɗaya daga sama, ɗaya daga gefe daidai bakin faranti, ki ajiye cokali ko tafin hannunki kusa. In da hali, ki kai malmala ɗaya irin ta gidanku kan sikelin mai shago sau ɗaya tak. Tunda mara ɗaya ake kwashewa da ita kullum, kin huta da zato a kan tuwo.

Kada kuma a ce miki ki koma tuwon dawa ko na gero wai ba sa ƙiba. Garinsu duka kusan ɗaya ne a kalori. Wanda ba a surfe shi tas ba ya fi dusa, ya fi riƙe ciki, wannan gaskiya ne, amma malmala biyu malmala biyu ce.

Naman ba shi da wahala. Yanka uku, kowane kamar kwalin ashana, giram 30 ke nan kowanne, jimla 90. Dafaffen naman sa mai ɗan kitse kusan 220. Ɗaya daga ciki na ga fari a gefensa, in kitse ne zalla ki ƙara 50.

Miyar ce wurin aikin, kuma ita ce hoto ya fi ɓoyewa. Ganyen yakuwa da albasa da tumatir da ke cikin ludayi biyu ba su wuce kalori 40 ba, ba su ne matsalar ba. Abin da ke ɗauke da nauyi shi ne mai da markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na gari ko sukari kuwa kusan 4. Babban cokali ɗaya na mai 120 ne, ko na gyaɗa ne, ko na auduga, ko manja, duk ɗaya. Babban cokali na markaɗaɗɗiyar gyaɗa kuma kusan 95. A hotonki miyar ta yi kauri, launinta ya koma fari-fari, alamar gyaɗa ta ji, sai na sa cokali biyu, 190. Akwai kuma zoben mai da ya kewaye gefen miyar, har ya ɗan gangara ƙarƙashin tuwo, sai na sa cokali biyu na mai, 240. Da ɗigo-ɗigo kawai na gani a sama da cokali ɗaya zan ce, da kuma ya kwanta ya rufe fuskar miyar da uku zan ce ko fiye. Amma wannan ma'aunin ido ne, kuma miyar gyaɗa tana da wayo: gyaɗar tana shanye mai ta riƙe shi a ciki, sai miya ta yi kamar ba mai alhali tana ɗauke da shi. Hasken waya ma yakan sa ruwa ya yi ƙyalli kamar mai.

Don haka lissafin miya a tukunya ake yinsa, tun kafin a zuba. Lita ɗaya ta mai tana da kalori sama da 8,000, kwata ke nan 2,000. Mu ɗauka an yi miyar gida da kwatan lita na mai da giram 300 na markaɗaɗɗiyar gyaɗa, wadda ita kuma ta kai kusan 1,800. Tukunyar ta tashi da 3,800 tun ba a lissafa nama ba. Sai ki ƙirga ludayi nawa ake samu a tukunyar ranar da kike rabo. In 16 ne, kowane ludayi ya kama kusan 240, naki biyu 480. Kin ga bai yi nisa da 430 na gyaɗa da mai da na ƙiyasta da ido ba, amma wannan kin san inda ya fito. In wata ce ke girkin, tambaya ɗaya ta isa: lita ɗaya ta mai kwana nawa take yi a gidan, kuma baki nawa ke ci? Gidan mutum takwas da ke ƙarar da lita a kwana huɗu, kowa na shan kusan 250 a rana daga mai kaɗai. Wanda ake ɗebar wa miya daga sama kuwa ya fi kowa samun rabo, domin mai sama yake tasowa. Ki juya tukunya kafin ki ɗiba, ko ki nutsa ludayin ƙasa.

Sai gorar folere. Shi kansa zoɓon kusan ba shi da komai, sukarin ne. Na sayarwa sai an zuba sukari sosai kafin ya danne tsamin, kuma in ya yi zaƙi kamar lemon kwalba, to akwai wajen giram 10 na sukari a kowane mililita 100. Rabin lita giram 50 ke nan, kalori 200, daidai da ƙwayar sukari goma. Kuma ba ya ƙosarwa ko kaɗan, kina gama sha cikinki na nan yadda yake.

In an tara: tuwo 720, nama 220, ganye 40, gyaɗa 190, mai 240, folere 200, ya ba da 1,610.

Batun daidaito kuwa, ki kalli farantin ki raba shi a ido. Abin da masu ilimin abinci ke ba da shawara shi ne rabin faranti ganye da kayan lambu, kwata tuwo ko shinkafa, kwata nama ko kifi ko wake. Naki tuwo ya cinye fiye da rabi, ganyen kuma ya narke cikin miya, bai kai cikin tafi biyu ba. Abin gina jiki bai yi ƙaranci ba, nama da gyaɗa sun wadatar a zama ɗaya, don haka kada ki taɓa naman. Mutane da yawa da shi suke fara ragewa, su bar tuwon yadda yake, sai yunwa ta kama su kafin la'asar su faɗa wa makala da shayi.

Gyaran da zan ba ki uku ne, kuma ba sai an canza girkin gida ba. Ki tsaya a malmala ɗaya, kin sauke 360. Ki kwashe man da ya taso a kan miyarki da cokali, ko a rage shi tun a tukunya tunda gyaɗa ma mai ce, kin sauke kusan 120. Folere kuma ki dafa naki ba sukari, da ɗan citta, ko ki sha ruwa, kin sauke 200. Farantin ya dawo wajen 930. Gurbin malmalar da aka cire kada ki bar shi fayau, ki cika shi da yankakken kokwamba da tumatir da kabeji, ko dafaffen zogale, waɗanda ba za su ƙara miki fiye da 50 ba. Sai dai a kula, in aka kwaɗa su da ƙuli-ƙuli da mai, ko aka zuba mayonez, abin da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga. Lemon tsami da ɗan gishiri da yaji sun isa. Ranar da aka samu kifi karfasa na tafkin Lagdo, gasasshiya ta fi soyayya nesa: giram 100 na gasasshiya wajen 130 ne, soyayya kuwa tana haura 200.

In malmala ɗaya ta yi miki kaɗan a farko, ki yi ɗaya da rabi na mako biyu sannan ki sauko. Rage kamar 500 a yini yakan sauke kusan rabin kilo a mako, kuma hakan ya isa. Ki riƙa hawa sikeli sau ɗaya a mako, da safe kafin karin kumallo, domin gishiri da dunƙulen magi suna sa jiki ya riƙe ruwa, nauyi ya yi ta hawa da sauka a kullum ba tare da kitse ya motsa ba.

Abu biyu hoton bai nuna ba. Na farko, ko kin ƙara bayan an ɗauka, ko kuma a tire ɗaya kuke ci da sauran mata. In ci tare ake yi, ki ɗebi naki a faranti daban tun farko, don a cikin taro ba mai iya ƙirga lomarsa. Na biyu, sauran yinin: kunun gyaɗa na safe da sukarinsa, ƙosai, shayi kofi uku kowane da ƙwaya uku, wanda shi kaɗai 180 ne. Ki turo hoton duk abin da ya shiga bakinki na yini guda, har abin sha, sai a ga inda ya fi sauƙin ragewa. In kuma kina shan maganin ciwon sukari ko kina allurar insulin, ko kina da juna biyu ko goyo, kada ki rage tuwon da rabi sai kin nuna wa likitan da ya ce ki rage ƙibar, saboda maganin da aka auna da malmala biyu yana iya faɗar da sukarin jini in aka koma ɗaya.