Gujiya ko gyaɗa: wace za a rubuta a takardar manoma?

Malam, barka da aiki. An ba ni fassarar wata takardar wayar da kan manoma, na yi iyakar ƙoƙarina, amma mai dubawa ya dawo mini da ita cike da jan biro. Na rubuta: "Manoman da sunka shibka gujiya bayan hatsi sun hi samun amfani. A shanya gujiya ta bushe sarai kahin a sa ta buhu." Ni haka muke magana a gida, kuma Hausa ce tsantsa. Me ya sa tawa ce kullum ake gyarawa, kuma ta yaya zan san kalmar da zan ɗauka?

Ɗana, Hausarka lafiya lau take, babu mai ja da wannan. Amma a cikin jan biron nan akwai gyara iri biyu, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Wani gyaran na sutura ne kawai, wani kuwa da ba a yi shi ba da manomi ya je gona ya aikata abin da takardar ba ta ce ba. Bari mu bi jimlolin naka kalma bayan kalma.

Sunka, shibka, hi, kahin. Waɗannan huɗun ba su da wahala, domin bambancin na lafazi ne da na ƙirar nahawu, kuma yana tafiya bisa tsari. Inda Basakkwace yake da b ko m a ƙarshen gaɓa, sau da yawa Bakano ya mai da shi wasali: sabro ya zama sauro, zamna ya zama zauna, amre ya zama aure, abduga ta zama auduga, shibka ta zama shuka. Inda kuke cewa tahi da hwara, a rubuce tafi ne da fara. Sunka da munka da anka su ne suka da muka da aka. Da zarar ka riƙe waɗannan ƙa'idoji, hannunka da kansa zai riƙa juya su. Kuma ko da ɗaya ta kuɓuce maka, mutumin Kano ko Bauchi da ya karanta shibka zai gane abin da ake nufi, sai dai ya yi murmushi ya ce ga mutumin yamma. Ba a yi asarar komai ba illa daidaiton rubutu.

Gujiya da hatsi su ne suka sa na ce ka zauna mu yi magana.

A wajenku, da Katsina, da galibin ƙasar Nijar, idan aka ce gujiya ana nufin wadda ake matse mai a yi ƙuliƙuli da ita. A Kano wannan sunanta gyaɗa. To, da a ce Kano ba ta san kalmar gujiya ba sam, da abin ya zo da sauƙi, mai karatu ya tsaya ya tambaya. Matsalar ita ce ta san ta. Bakano yana da gurjiya, wasu su ce gujiya, amma shi abin da yake nufi shi ne mai ƙwaya ƙulu-ƙulu da ake dafawa a ci da gishiri, wadda ku kuke kira kwaruru. Saboda haka manomin Kano zai karanta jimlarka daga farko har ƙarshe bai yi tuntuɓe ba, ya gane ta sarai, amma abin da ya gane wani amfanin gona ne daban. Gargaɗin da aka yi na a shanya gyaɗa ta bushe kafin a ɗura ta a buhu, don kada ta yi fumfuna ta lalace, ya wuce shi ke nan, tunda a ganinsa ba da gyaɗarsa ake ba.

Hatsi ma haka. Na duba asalin takardar, gero take nufi, shi kaɗai. Kai ka sa hatsi domin a bakin mutanen yamma da na Nijar hatsi shi ne gero. A daidaitacciyar Hausa kuwa hatsi suna ne na tarayya, ya haɗa gero da dawa da maiwa da sauransu. Ka ga ka faɗaɗa maganar ba da niyya ba: binciken da aka yi a kan gero ka jingina shi ga duk abin da ake sussukawa. Kuma wannan tarko yana kama ta ɗaya ɓangaren. Bakanon da aka ba shi takarda mai magana a kan dangin hatsi gaba ɗaya, ya rubuta hatsi ya wuce, idan takardar ta isa Maraɗi za a ɗauka gero kawai yake nufi, mai dawa ya ce ban da shi.

Ga yadda zan rubuta jimlolin idan takardar ta Najeriya ce baki ɗaya: "Manoman da suka shuka gyaɗa bayan gero sun fi samun amfanin gona. A shanya gyaɗa ta bushe sosai kafin a zuba ta a buhu." Idan kuwa na san za ta tsallaka iyaka, ko za a raba ta har ƙauyukan Sakkwato da Zamfara, to a farkon ambatonta sai in ce "gyaɗa, wato wadda ake yin mai da ƙuliƙuli da ita", daga nan in ci gaba da gyaɗa har ƙarshe. Ka lura ban ce "gyaɗa ko gujiya" ba. Masu koyon aiki suna son wannan dabarar ta jera kalmomi biyu, kuma tana yi a wurare kamar zazzaɓi da masassara, inda duka biyun abu ɗaya suke nufi ko'ina. A nan kuwa ɓarna za ta ƙara, don Bakano zai ɗauka amfanin gona biyu ake lissafa masa. Idan kalma tana da fuska biyu, ka bayyana abin da aikinsa ko da kamanninsa, ko ka roƙi mai aikin ya sa hoto.

Irin waɗannan kalmomi su ne mai dubawa ma yakan tsallake, domin rubutunsu daidai ne, suna cikin ƙamus, ba abin da zai ja idonsa. Naka ya kama gujiya ne don ya riƙe asalin takardar a ɗaya hannun. Akwai 'yan'uwansu da ya kamata ka sa wa ido. Kwana a bakinku barci ne, "yana kwana" yana barci ke nan. A rubutu kwana shi ne wuce dare a wuri. Takardar lafiya da ke gargaɗin uwa a kan yaron da barci ya yi masa yawa, idan ka sa kwana ka ɓata alamar ciwon. Likita a Nijar sau da yawa wurin ne, asibitin kansa, mutumin kuwa lokotoro. A Najeriya likita mutum ne. Mutanen Zazzau kuma nasu tarkon a nahawu yake, don a maganarsu ba a cika raba namiji da mace ba, sai ka ji mota ne, rigan shi. A hira ba komai. Amma a takardar gado, matansa da matarsa ba abu ɗaya ba ne, harafi guda ya mai da mace ɗaya mata da yawa.

Game da cewa taka ce kullum ake gyarawa, akwai gaskiya a ciki, ba zan ɓoye maka ba. An gina daidaitacciyar Hausa a kan Kananci, don haka tafiyar Bakano zuwa gare ta gajeriya ce, taka doguwa. Sai dai kada ka ɗauka Kananci ne ita. Ta ginu ne a wurin masu buga littattafai da jarida: Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 a Zariya ake buga ta, editanta na farko, Abubakar Imam, a Katsina ya tashi. Daga baya aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka yi taron Bamako a 1966 da na Yamai a 1980 a kan ƙa'idojin rubutu. Waɗannan tarurruka galibi haruffa da raba kalma da haɗe ta suka daidaita, ba su zauna sun zaɓar maka kalma ɗaya ga kowane abu ba. Shi ya sa Bakano ma yake shan jan biro. Yana cewa gurin, a rubuta wurin. Yana cewa ɗakko da sakko, a rubuta ɗauko da sauko. Yana furta rigas sarki kamar yadda kai ma kake furtawa, amma dukanku rigar sarki za ku rubuta. Ni a ganina ma wanda ya taso da wani karin ya fi saurin zama gwani a wannan sana'a, domin shi ya san akwai bambanci, yana taka-tsantsan. Bakano yakan ɗauka duk abin da ya fito bakinsa shi ne ƙa'ida.

Inda ƙa'ida ta yi shiru, mai karatu ne alƙali. Kyanwa da mage da mussa duk dabba ɗaya ce, ba mai ruɗa wani da wani. Sai ka ɗauki wadda ta fi yawo, kyanwa, ka tsaya a kanta daga shafin farko zuwa na ƙarshe. Biɗa da nema, ka ɗauki nema. Abin da ba na yafewa shi ne a fara da kyanwa a shafi na biyu a koma mage a na biyar, don mai karatun takardar aiki yana ɗauka duk sabuwar kalma sabon abu ce.

Kafin ka sa hannu a kowace fassara, ka tambayi mai aikin inda za a raba ta. Sau da yawa shi ma bai yi tunanin abin ba sai ka tambaya. Idan ya ce shirin rediyo ne na ƙauyukan Gobir kaɗai, to gujiya ce daidai, gyaɗa ce baƙuwa, kuma ni da kaina zan mayar maka da ita. Haka idan maganar wani manomi kake kawowa cikin alamar zance, ka bar masa sunka ɗinsa, muryarsa ce. Bayaninka da ke kewaye da ita shi ne zai bi ƙa'ida.

Idan ka yi shakkar wata kalma, ƙamus ɗin Bargery na 1934 yana da amfani na musamman a nan, domin yakan nuna kalma ta Sakkwato ce ko ta Katsina ko ta wani wuri. Amma ka tuna shekarunsa, wasu kalmomin sun yi ƙaura tun lokacin. Wanda ya fi shi tabbas shi ne mutum biyu daga yankuna biyu. Kada ka karanta musu jimla ka ce sun gane, kowa zai ce ya gane, kuma da gaskiyarsa. Ka ce kowannensu ya kwatanta maka abin: yaya ganyensa yake, me ake yi da shi, yaushe ake cire shi. Idan kwatancin ya rabu, ka samo kalma mai fuska biyu. Ka rubuta ta a littafinka da ma'anarta ta kowane yanki, domin sunayen amfanin gona da na cututtuka da na ma'auni su ne suka fi yawan yin haka, kuma su ne za su riƙa dawo maka a wannan irin aiki. Yanzu koma kan sauran shafukan takardar, ka nemo duk inda ka sa hatsi, ka duba asalin ka ga ko gero ake nufi ko dangin gaba ɗaya, kafin ka mayar wa mai dubawa.