Oda mai kuɗi iri biyu: da wane canji ake mayar da kuɗi?

Tambaya: "Da dala muke sa farashi, amma wasu masu saye da yuro suke biya. In an dawo da kaya bayan canji ya motsa, sai lissafi ya ƙi daidaita. Ina matsalar take?"

Amsa: Alamu sun nuna manhajarku tana ɗauko canjin yau duk lokacin da aka buɗe tsohuwar oda. Canjin da aka yi ciniki a kansa wani ɓangare ne na cinikin, kamar farashi da yawan kaya. Don haka a rubuta shi a jikin odar a lokacin da aka kammala saye, tare da jimillar dala da jimillar yuro, kada kuma a sake taɓa su. A fayyace alkiblarsa ma: dala ɗaya yuro nawa ce, ko yuro ɗaya dala nawa ce. Lamba tsirara ba ta faɗin wannan, kuma a nan ake ninkawa inda ya kamata a raba.

A ce an sayi kaya uku, kowanne dala 40, a ranar da dala ɗaya take yuro 0.92. Mai saye ya biya yuro 110.40, wato 36.80 kan kowanne. Bayan wata guda ya dawo da ɗaya, canji ya koma 0.95. In aka bi canjin yau, yuro 38 za a ba shi, alhali 36.80 ya bayar. Da canjin sauka ya yi, shi za a ƙwara. Haƙƙinsa 36.80 ne, ba ƙari ba ragi.

To amma a yau yuro 36.80 dala 38.74 ce, littafinku kuwa dala 40 ya soke. Wannan tazara ta dala 1.26 ba kuskure ba ce, ribar canji ce. A buɗe mata asusunta daban, na riba ko asarar canji. Ban yarda a cusa ta cikin kuɗin ciniki ba, domin hakan yana ɓoye ainihin abin da aka sayar.

Sai batun cike lamba. Kayan dala 19.99 a canjin 0.92 yana zama yuro 18.39, guda bakwai, 128.73. In kuwa aka fara haɗa dalar, 139.93, sannan aka juya, 128.74 za a samu. Santi ɗaya ne, amma ya isa ya hana rasit da bayanin banki haɗuwa. Na fi son a juya farashin guda ɗaya, a cike shi, a adana, sannan a ninka, don da shi za a mayar da kuɗi in an dawo da wani sashe na kayan.

A ma'ajiyar bayanai kuma a ajiye kuɗi a `DECIMAL`, kada a sa `FLOAT`, shi kuwa canjin a ba shi gurabe kamar shida bayan ɗigo, domin biyu ba sa isarsa.