Dalilin raba sadarwar kwamfuta hawa-hawa, da yadda ake naɗe saƙo a kowane hawa

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a nan Kano, ina koyon aikin haɗa kwamfutoci. An sa mu haddace hawa bakwai na OSI, na kuma haddace, amma har yanzu ban ga amfanin rabawar ba. Me ya hana a rubuta manhaja guda ɗaya ta yi komai? Kuma naɗe saƙon da ake cewa ana yi a kowane hawa, me yake faruwa a zahiri?

Amsa: Haddar ba za ta kai ka ko'ina ba sai ka ga matsalar da aka so kauce wa, kuma matsalar ta lissafi ce. Ka ɗauka akwai manhajoji goma da suke buƙatar aika bayani, kamar burauza da imel da kiran bidiyo, sannan akwai hanyoyi biyar da bayanin zai iya bi, kamar kebul na tagulla, da zaren gilashi, da Wi-Fi, da layin wayar salula, da tauraron ɗan Adam. Idan kowace manhaja sai ta san yadda ake magana da kowace hanya, aiki hamsin ke nan, kuma duk ranar da aka ƙirƙiro sabuwar hanya sai an koma an gyara manhajojin goma gaba ɗaya. Amma idan aka sa yarjejeniya guda a tsakiya, manhajoji su san ta daga sama, hanyoyi su san ta daga ƙasa, aikin ya dawo goma sha biyar. Wannan yarjejeniya ta tsakiya ita ce IP. Shi ya sa wayarka take fita daga Wi-Fi na gida ta koma kan data ba tare da ka sauke wata sabuwar burauza ba.

Ba a fara da wannan rabo a kammale ba. Lokacin da Vint Cerf da Bob Kahn suka fitar da tsarinsu a 1974, TCP abu guda ne da ya haɗa aikin nemo hanya da aikin tabbatar da isar saƙo. Daga baya, wajen 1978, aka raba shi biyu, saboda an lura cewa ba kowane aiki ne yake son a tsaya sake aiko abin da ya ɓata ba. Mai kiran murya ya gwammace kalma ɗaya ta yanke da a ce maganar ta tsaya cak ana jiran ta. Sai IP ya riƙe kai fakiti daga adireshi zuwa adireshi, TCP ya riƙe tabbatarwa da jerantawa, wanda ba ya buƙatar tabbatarwar kuma ya yi amfani da UDP. Tsarin OSI mai hawa bakwai ya fito daga hukumar ISO a 1984, bayan ARPANET, hanyar sadarwar da intanet ta samo asali daga gare ta, ta riga ta koma TCP/IP a ranar 1 ga Janairun 1983. A ganina bakwai ɗin nan sun fi amfani a matsayin harshen da ma'aikata suke fahimtar juna da shi, domin a bakin aiki hawa huɗu ko biyar za ka riƙa taɓawa, kuma na biyar da na shida da wuya ka gan su tsaye da ƙafarsu.

Game da naɗewa, ka tuna yadda ɗan kasuwar Kantin Kwari yake aika atamfa Maiduguri. Yana sa turamen a leda da takardar da ke nuna na wace ce, ya ɗinke su a buhu ya rubuta sunan mai karɓa da lambar wayarsa, ɗan dako ya kai tasha, direba ya ɗauka. Direba ba ya kwance buhu ya ƙirga turame, abin da ke rubuce a bayan buhun kawai yake karantawa. Haka kowane hawa yake: yana karɓar abin da na samansa ya miƙo masa a matsayin kaya, ba ya duba cikinsa, sai ya manna nasa bayanin a gaba, wanda masu sana'ar suke kira heda, ya miƙa wa na ƙasa.

Bari mu bi saƙo guda da lambobinsa. Kwamfutarka tana so ta aika bayit 4000 zuwa wata saba ta kan kebul na Ethernet. Firem ɗin Ethernet na yau da kullum ba ya ɗaukar kayan da suka wuce bayit 1500, kuma wannan iyakar ita ake kira MTU. Heda ta IPv4 tana cin aƙalla bayit 20, ta TCP ma aƙalla 20, saboda haka abin da ya rage wa saƙonka a kowane zuwa shi ne 1460. Sai TCP ya yanka saƙon uku: 1460, da 1460, da 1080. A gaban kowane yanki yana rubuta lambar ƙofar da saƙon ya fito da wadda za shi, misali 443 idan shafi ne mai tsaro, da lambar jeri wadda za ta sa a mayar da yankunan yadda suke ko da na uku ya riga na biyu isa. IP ya karɓi yankin mai bayit 1480, ya ƙara adireshin mai aikawa da na mai karɓa, ya zama fakiti mai 1500. Ethernet ya ƙara bayit 14 a gaba, masu ɗauke da adireshin MAC na katin da zai karɓa da na wanda ya aiko, ya kuma ƙara 4 a baya don gano ko wani abu ya gurɓata a hanya. Firem mai bayit 1518 ke nan ya hau kebul, kuma 58 daga ciki kuɗin naɗi ne kawai.

Akwai wani ƙaramin abu a cikin hedojin nan da ɗalibai suke yawan tsallakewa, alhali da shi ake kwance naɗin. Kowace heda tana faɗin wanda za a miƙa wa abin da ke cikinta. A hedar Ethernet akwai gurbi mai bayit biyu, idan an rubuta 0x0800 a ciki to IPv4 ne, idan 0x86DD ne to IPv6 ne. A hedar IP akwai lambar da ke nuna mai karɓa na gaba, 6 na nufin TCP, 17 na nufin UDP. A hedar TCP kuma lambar ƙofa ce take nuna manhajar da ke jira. Don haka a can wajen saba babu wanda yake kintace, kowane hawa yana cire nasa naɗin, ya karanta lambar, ya miƙa sama.

A nan ne misalin buhun atamfa yake gazawa. Buhu ɗaya ne yake tashi daga Kano har ya sauka Maiduguri, amma firem ba ya wuce rauta ta farko. Duk rautar da fakiti ya iso, tana cire naɗin Ethernet ta yar, ta duba adireshin IP na inda za shi, ta rage ɗaya daga lambar TTL domin kada fakitin da ya ɓata hanya ya yi ta zagaye har abada, sannan ta naɗe shi a sabon firem da sababbin adireshin MAC da suka dace da zango na gaba. Adireshin MAC na zango ɗaya ne, na IP kuma na tafiyar gaba ɗaya ne, sai dai inda rauta take yin NAT, kamar ta gidanka, wadda take musanya adireshinka na cikin gida da na waje, har ma ta taɓa lambar ƙofa. Wannan shiga gonar hawa na sama ne, kuma ana yin sa kullum, don haka kada ka ɗauka katangar da ke tsakanin hawa-hawan ba ta da ɓula.

Rabon yana da farashi, domin hawan da ba ya ganin cikin ɗan'uwansa ba ya sanin lokacin da ɗan'uwan ya shiga matsala. An taɓa kirana zuwa wani shagon rajistar jarrabawa a titin gidan Zoo, inda wasu shafuka suke buɗewa nan take, wasu kuma su fara lodi su tsaya. Mai shagon ya riga ya sauya kebul biyu, ya kuma zagi kamfanin da ke ba shi intanet iya son ransa. Amma fitilun rauta suna kunne, kwamfutocin suna da adireshi, kuma ping yana dawowa, wato hawa na ɗaya da na biyu da na uku duk suna aiki ga ƙananan fakitoci. Wannan ya sa na gwada babban fakiti daga kwamfuta mai Windows, tare da hana a gutsuttsura shi a hanya:

```
ping -f -l 1472 8.8.8.8
ping -f -l 1464 8.8.8.8
```

An zaɓi 1472 ne saboda idan ka ƙara bayit 8 na hedar ICMP, yarjejeniyar da ping yake amfani da ita, da 20 na IP, 1500 cif za ka samu. Na farkon ya ƙi wucewa, allon ya nuna `Packet needs to be fragmented but DF set.`, na biyun kuma ya wuce lafiya. Bambancin bayit takwas ne, kuma takwas ɗin nan na san mai su. Layin shagon yana amfani da PPPoE, wanda ƙarin naɗi ne da ake cusawa tsakanin Ethernet da IP, yana cin bayit 8, ya bar MTU a 1492.

Kwamfutocin shagon ba su san da wannan ba, domin katinsu 1500 yake gani, saboda haka a farkon kowace haɗuwa suna shaida wa saba cewa ta aiko yanki mai 1460. Saba ta aiko fakiti mai 1500, ya iso ƙofar da ba ta ɗaukar fiye da 1492, aka yar da shi. Bisa ƙa'ida, rautar da ta yar da shi tana mayar da saƙon ICMP ga saba cewa ta rage girma, kuma sabobin da saƙon ya isa gare su sun rage, su ne shafukan da suke buɗewa. Inda kuwa wata katangar tsaro ta toshe ICMP gaba ɗaya, saba ba ta ji komai ba, sai TCP ya yi ta sake aiko babban fakitin ana ta yar da shi, burauza kuma tana ta juyi. Gyaran bai kai minti biyar ba. Na saita rautar shagon ta riƙa rage adadin da kwamfutocin suke shelantawa zuwa 1452, wato 1492 a cire 40 na IP da TCP, shafukan suka buɗe.

Irin wannan za ka sake gani duk lokacin da aka ƙara naɗi a kan naɗi, musamman da VPN, inda ake ɗaukar fakitin IP sukutum a sa shi cikin wani fakitin IP, shi ya sa VPN ɗin WireGuard yakan saita MTU ɗinsa a 1420. Idan kana so ka ga naɗin da idonka, ka sauke Wireshark, manhajar da ke nuna fakitocin da ke shiga da fita daga kwamfutarka, ka buɗe shafi ɗaya, ka danna fakiti guda. A tsakiyar allon za ka ga layukan Ethernet II, da Internet Protocol Version 4, da Transmission Control Protocol a jere, kuma duk wanda ka danna, za a haskaka maka bayit ɗinsa a ƙasa. Ka ƙirga su da kanka, kuma kada ka yi mamaki idan hedar TCP ta fito 32 maimakon 20, domin wasu kwamfutocin suna ƙara bayit 12 na hatimin lokaci.